Sifika ta ƙi gogewa daga jerin Bluetooth a laftof ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka min.

Zan ba ƙanina laftof ɗina mai Windows 11, shi ya sa nake goge duk abin da ta riƙe. Wi-Fi bai ba ni wahala ba. A wayata ta Android na danna Forget, a laftof kuma na buga wannan a Command Prompt:

```
netsh wlan delete profile name=*
```

Duk suka tafi har da kalmomin sirrinsu.

Sifikata ta Bluetooth ce ta gagare ni. A waya ta gogu nan take, amma a laftof duk lokacin da na danna Remove sai ta rubuta "Remove failed". Na shiga Device Manager, na kunna Show hidden devices, na cire ta da Uninstall device. Ina sake kunna kwamfutar sai ga ta ta dawo. Na sake tayar da Bluetooth Support Service, babu canji. Abin ya dame ni, domin yanzu ba ta haɗuwa, ba ta kuma goguwa balle in haɗa ta sabuwa.

Na ga lambar sifikar a Registry, a nan:

```
HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\BTHPORT\Parameters\Devices
```

Idan na goge nata kaɗai, zai shafi linzamina da ke aiki lafiya? Ko kuwa in fara cire direban Bluetooth ɗin in sake sa shi? Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min wanne zan fara. Na gode.