Me ya sa FM ke mutuwa farat ɗaya a Hawan Kibo, AM kuwa tana jan ƙafa?

Ɗalibar aji uku, Jos: Assalamu alaikum. A aji an koya mana cewa FM ta fi AM jure hayaniya, kuma farashin da take biya shi ne faɗin zango. Na haddace lissafin. AM tana cin ninki biyu na muryar da ta ɗauko. FM kuwa sai dokar Carson:

```
B = 2(Δf + fm) = 2(75 + 15) = 180 kHz
```

To ranar Juma'a muna hanyar Abuja, direba ya kama wata tashar FM ta Jos, murya garau. Muna fara gangara Hawan Kibo sai ƙas-ƙas, ba a yi minti biyu ba sai shuuu kawai. Ya murɗa zuwa AM, ga shuuu ɗin amma ana jin labarai har muka wuce Akwanga. Ina juriyar da ake faɗa? Wanda ya taɓa gani ya faɗa mana yadda abin ya zo masa.

Direban Jos zuwa Abuja: Wa alaikumus salam. 'Yata, ni kullum ne. Amma ki zo watan Agusta ki ji. Hadari na haɗuwa ta wajen Riyom, ko tsawar ba ki ji ba, AM za ta fara tatsatsa kamar ana suyar ƙosai. FM ko a jikinta. Ni dai na ɗauka kowacce da lokacinta.

Mai gyaran rediyo a Taminus: Ai maganar ba ta da tsawo. FM tana sama ne, daga megahaz 87.5 zuwa 108, tsawa ba ta kai can da ƙarfi. AM tana ƙasa inda duk tarkacen yake, da walƙiya da fulogin janareta da cajar waya mai arha. Shekarata 20 ina buɗe rediyo, bambancin kenan.

Tsohon injiniyan tiransimita, Abuja: Malam mai gyara, rabin gaskiya ka kawo, kuma rabi mai kyau. Hayaniyar walƙiya ta fi yawa a ƙasa, haka ne. Amma matuƙan jirgin sama da hasumiyar filin jirgi suna magana ne tsakanin megahaz 118 zuwa 137, sama da FM ma, kuma da AM suke yi. Wanda ya taɓa sauraro ya san shuuu ɗin na nan a ƙarƙashin murya. Ke nan inda tasha take zaune daban, yadda aka ɗora mata saƙo daban.

'Yata, abu biyu ne suka haɗu miki a motar nan. Na farko bai shafi darasinku ba: igiyar FM kusan sai inda ido ke gani take zuwa, kuna gangarowa dutse ya shiga tsakaninku da eriya. Igiyar AM ta matsakaicin zango kuwa tana bin ƙasa tana zagaye tudu. Na biyun shi ne naku, wato me ya sa da sigina ya yi rauni FM ba ta dusashe a hankali ba, sai ta faɗi kamar an tura ta rami.

Ki ɗauki siginar a matsayin doguwar sanda mai juyawa, hayaniya kuma guntuwar sanda ce da aka ɗaura a bakinta tana lilo yadda ta ga dama. Guntuwar tana canza tsawon abin, tana kuma ɗan karkata shi. AM a tsawo ta ajiye saƙonta, don haka duk abin da ya taɓa tsawo ya shiga lasifika. FM a juyin ta ajiye nata, kuma akwai limita da ke aske tsawon kafin a karanta. Saura ɗan karkacen, shi kuwa bai kai ya yi gogayya da lilon kilohaz 75 ba. Wannan duk muddin guntuwar guntuwa ce. Da zarar ta kusa kamo doguwar, wani lokaci bakin sandar zai zagaye tushe gaba ɗaya, rediyo ta karanta shi a matsayin juyi cikakke. Shi ne ƙas ɗin da kika fara ji. Idan suka yawaita sai su haɗe su zama shuuu. Ana fara ganin haka idan siginar bai fi hayaniya da kamar desibel 10 ba.

Ɗalibar aji uku: Baba, na gane sandar. Amma ina faɗin zangon ya shigo?

Tsohon injiniya: Ƙofa ce. Yadda ta faɗaɗa, haka hayaniya ke shigowa. Bari mu yi adalci mu ba su murya ɗaya, kilohaz 15, da ƙarfin tiransimita ɗaya. AM za ta buɗe ƙofar 30, FM ta buɗe ta 180. Ninki shida, wato FM tana shan hayaniyar da ta fi ta AM da kusan desibel 8 tun daga bakin ƙofa. A cikin garin Jos, a ce a ƙofar AM siginar ya fi hayaniya da desibel 30. A ƙofar FM 22 ne, tana sama da bakin ramin sosai, sai ribarta ta fito:

```
β = 75/15 = 5
FM: 3β²/2 = 37.5
AM (m = 1): 1/3
```

Ki raba 37.5 da sulusi, ninki 112 da ɗoriya, kusan desibel 20 FM ta ba AM rata. Yanzu ku gangara, siginar ya ragu da 18. AM na da 12, ba daɗi amma kunne na tsintar magana. FM na da 4, ta riga ta faɗa, kuma wancan 37.5 ɗin ba ya aiki a nan, domin an fitar da shi ne bisa sharaɗin hayaniya ƙarama ce. Ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki. Ku tuna kuma AM ta gaske ba ta kai 30 ba, tazarar tashoshi a Afirka kilohaz 9 ce, ƙofarta ta fi haka ƙunci. Abin da ya sa kiɗa ke fita a toshe ke nan.

Wani daga Nyanya: Jama'a tunda ana maganar, wace rediyo ce ta fi kama tasha, mai batir ko mai caji? Tawa tun da na jona ta a sola take ƙugi.

Mai gyaran rediyo: Ɗan'uwa, ba rediyon ba ce, inbatarka ce. Cire ta ka sa batir ka ji. Baba injiniya, na karɓi gyara, amma akwai abin da nake gani a shago. Mutum zai kawo rediyo wai FM na shuuu, in danna ta daga sitiriyo zuwa mono, shi ke nan ta washe. Siginar bai canza ba ai.

Tsohon injiniya: Hayaniyar FM bayan an karanta ta ba shimfiɗe take ba, tana hawa ne yadda sauti ke hawa sama. Bambancin hagu da dama kuwa an ɗora shi a kan kilohaz 38, yana kaiwa har 53, daidai inda hayaniyar ta fi tsami. Ka koma mono, ka zubar da wannan ɓangaren da dattinsa.

Ɗalibin aji huɗu: Mun gwada a ɗakin gwaji bara, muna rage siginar daki-daki. Namu ƙas-ƙas ɗin sai wajen desibel 7 ya bayyana, ba 10 ba. Malaminmu ya ce irin na'urar da ke karanta FM ɗin ce, masu PLL suna ɗan tura bakin ramin ƙasa. Ni kuma ina zargin mitarmu. Har yau ba mu daidaita ba.

Direban Jos zuwa Abuja: Ni kun bar ni a baya tun a sanda. Amma wajen Keffi akwai inda tashoshi biyu ke ƙwace wa juna, wannan ta shigo ta kori waccan, ba sa taɓa haɗuwa. A AM kuwa da dare sai in ji biyu a tare har da fito. Shi ma sandar ce?

Ɗalibar aji uku: Kawu, ina ji ita ce, mai rauni ta zama guntuwar. Baba zai gyara min in na kauce. Jibi zan koma Jos, zan zauna gaba in danna mono tun daga Akwanga, in ga a wace kwana za ta dawo.