Abin da na tsinta kan sabar Minecraft ɗinmu mai nauyi da dare

Jama'a sannunku, ga abin da aka tattauna kan dalilin da ya sa sabar ke nauyi da dare.

1. Kowa ya yarda TPS, yawan bugun da sabar ke yi a sakan ɗaya, ya kamata ya tsaya 20, wato kowane bugu kada ya wuce milisakan 50. Namu da yara sun cika bayan isha'i sai ya faɗo 13.

2. Farko a buɗe `top`, umarnin Linux mai nuna aikin firosesa, a danna 1, in kwakwalwa ɗaya ta kai 100% sauran suna hutawa to firosesa ne, don wasan galibi zare ɗaya yake bi, ƙara RAM ba zai yi magani ba.

3. In kuwa tsayawa wasan yake cak ya ci gaba, sau da yawa memori ne, Java na share bayanan da ba a buƙata kuma.

4. An rabu kan netwok. Wasu sun ce sabis ɗin ƙauyenmu nan gefen Ringim ne, wasu suka ce a'a. Ni dai ina ganin in TPS na 20 amma ping, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar ya dawo, ya haura, sannan ne za a zargi layi.