Don Allah ku ba ni shawara: in canza rawuta zuwa WiFi 6 mai bimfomin ko asarar kuɗi ce?

Abban Yara: Salamu alaikum ƴan uwa. Mu 11 ne a gida, na ƙirga wayoyi da laftof da talabijin da kyamarorin tsaro sun kai 23 a kan rawuta ɗaya, AC1200 aka rubuta a jikinta. Layinmu mega 50 ne. Da rana lafiya lau, amma daga ƙarfe 8 na dare sai komai ya fara juyi, ɗakin baya kuma kiran bidiyo yankewa yake yi. An ce in sayi WiFi 6 mai bimfomin wai tana bin kowa da sigina har ɗakinsa. Ta cancanci kuɗinta?

Sadi Netwok: Wa alaikumus salam. Kafin ka fitar da ko sisi yallaɓai, AC1200 ɗin nan WiFi 5 ce, kuma bimfomin tun a WiFi 5 aka daidaita shi, ba da WiFi 6 ya zo ba. Ka shiga saitin rawutar ka duba ɓangaren 5GHz, ba mamaki ka tarar da `Beamforming` a zaune ko dai a kunne ko a kashe. Abin da yake yi ba wani sihiri ba ne, rawuta na aika gwaji, wayar ta mayar mata da bayanin yadda siginar ta iso, sai ta daidaita eriyoyinta yadda siginar za ta fi haɗuwa da ƙarfi a inda wayar take. Ribar ƴar kaɗan ce, wanda ke tsaka-tsakin nisa shi ke ganinta, amma ba ya huda bangon kankare biyu ko uku, kuma ba ya ƙara wa ƙaramar eriyar waya ƙarfin mayar da amsa, shi kuwa kiran bidiyo kai da kawowa ne. Yau da ƙarfe 9 ka yi gwajin gudu sau uku, ɗaya da kebul daga rawuta zuwa laftof, ɗaya da waya a gefen rawutar, ɗaya a ɗakin bayan, ka kawo mana lambobin.

Maman Hanan: Ni dai na canza bara kuma wallahi na ga bambanci, mu tara ne, da sai na kashe na kunna kusan kullum yanzu kuwa na manta rabon da in taɓa ta. Ka saya kawai ka huta Abban Yara.

Bash: ai WiFi 6 ita ce mai 6GHz ko? to can babu cunkoso sam, maƙwabta duk ba sa kai

Sadi Netwok: A'a Bash, waccan 6E ce. WiFi 6 zalla a kan 2.4GHz da 5GHz take aiki kamar ta da. Kuma ko 6E ɗin ce, 6GHz ta fi saurin gajiya a bango, ɗakin baya ba zai ji daɗinta ba.

Abban Yara: Na yi gwajin Malam Sadi. Da kebul saukewa 47 ɗorawa 9. Gefen rawuta 45. Ɗakin baya 5, wani lokaci 3, manhajar auna ƙarfin sigina da na sa ta nuna -78 dBm. Na kuma leƙa jerin na'urori, 16 suna kan 2.4GHz, 7 kawai ke kan 5GHz. Ita rawutar tana falo cikin kabad ɗin talabijin, yara ne ke yawan taɓa ta shi ya sa na ɓoye.

Sadi Netwok: Madalla, yanzu magana ta fito. Tunda kebul ya ba da 47 kamfanin layin ba su da laifi, tunda gefen rawuta ya ba da 45 ita ma ba ta gaza a kusa ba. Matsala biyu gare ka kuma ba ɗaya suke ba.

Ta farko nisa. -78 sigina ce mai rauni, don kiran bidiyo ana son wajen -67 ko mafi kyau, tazarar 11 dB ke nan, kuma duk 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi, wato fiye da ninki goma kake nema, babu bimfomin ɗin da zai cike wannan. Abin da ya fi damuna ma, wayar da ke can nesa ba kanta kaɗai take cuta ba. Waifai kamar zance ne a ɗaki ɗaya, in wani na magana sauran sai sun jira, ita kuma mai raunin sigina a hankali take magana tana ta maimaitawa, sai ta cinye lokacin sauran 15 ɗin da ke kan 2.4GHz tare da ita. Ka fito da rawutar daga kabad ka ɗaga ta sama inda hannun yara ba ya kai, wajen tsakiyar gida in kebul zai kai, talabijin kuma ka haɗa shi da kebul tunda ba ya motsi. A saitin 2.4GHz ka sa `Channel Width` a 20MHz, `Channel` ka zaɓi 1 ko 6 ko 11, wadda maƙwabta suka fi ƙaranci a kai. In bayan haka ɗakin bai gyaru ba, ja kebul zuwa can ka sa rawuta ta biyu a `Access Point Mode`, wannan ya fi sabuwar rawuta ɗaya a falo nesa ba kusa ba.

Ta biyu layin kansa. Bidiyon 4K ɗaya na iya cin mega 15 zuwa 25, HD wajen 5, in talabijin na 4K mutum biyar kuma na kallo a waya 50 ta ƙare ko ta kusa, WiFi 6 ba ta ƙara ko mega ɗaya a kan abin da ka saya. Ɗorawa 9 ɗin nan ma ka sa mata ido, kyamarori in suna tura hoto waje ga wayoyi na loda hotuna da daddare, sai ta cika, da ta cika kuwa kowa zai ji komai na jan ƙafa ko da siginarsa a cike take.

Injiniya Rabi: Na yarda da yawancin maganar Sadi amma kada a rage wa WiFi 6 haƙƙinta, gida irin wannan aka yi ta dominsa. Abin da ya kamata a duba a kwalinta OFDMA ne ba bimfomin ba, tana raba tasha ɗaya ta 20MHz har gida tara ta sallami na'urori da yawa a zuwa ɗaya maimakon layi ɗaya bayan ɗaya, kuma tana aiki a 2.4GHz inda WiFi 5 ba ta taɓa komai ba. Sharaɗin dai dole ita ma na'urar ta zama mai WiFi 6. iPhone daga 11, Galaxy S daga S10 suna da ita, kyamarori da ƙananan na'urori kuwa galibi tsohon tsari ne na 2.4GHz. A laftof mai Windows ka rubuta

```
netsh wlan show drivers
```

in ka ga 802.11ax a layin `Radio types supported` tana da ita. Nawa ne cikin 23 ɗin?

Abban Yara: Biyar na tabbatar Hajiya, wayoyi huɗu da laftof ɗaya.

Injiniya Rabi: To biyar ba za su sauya maka dare ba, 18 za su ci gaba da layinsu yadda suka saba. Ni da zan ja kebul ɗin nan, sai in sa wadda zan saya ta biyun ta zama WiFi 6, tunda cikin wayoyin da za a canza a gidan nan gaba wasu na iya zuwa da ita. Ka bar tsaro a `WPA2/WPA3` haɗe, in ka sa WPA3 zalla kyamarorin na iya ƙin hawa.

Maman Hanan: To ni me ya gyara tawa kenan? wayoyinmu ma yawanci tsofaffi ne fa kuma a waje ɗaya na ajiye ta

Sadi Netwok: Zatona tsohuwar ce ƙwaƙwalwarta ke cika ko tana zafi, alamar ke nan in sai an kashe an kunna, sabuwa kowace iri ma da ta gyara.

Injiniya Rabi: Ko kuma sabuwar na tura wayoyin zuwa 5GHz da kanta, ba za mu sani ba sai mun ga jerin na'urorinki Maman Hanan.

Abban Yara: Na fito da ita daga kabad na kafa ta saman ƙofar koridoo, talabijin na kan kebul yanzu. Ɗakin baya ya koma -71, gudu 14, kiran jiya bai yanke ba amma hoton ya ɗan daskare sau biyu wajen ƙarfe 9 da rabi. Yau zan cire kyamarorin na awa ɗaya a daidai lokacin in ga ko su ne ke cinye ɗorawar.