Muhawara: Waiting Room a ajin mutum 180, tsaro ne ko ɓata lokaci?

Malam Habu: Salamu alaikum malamai. Ni dai na yanke hukunci, ajina na ranar Asabar mutum 180 ne a Zoom, kuma ba zan ƙara kunna Waiting Room ba. Passcode ya isa. Wancan satin minti 20 na ɓata ina Admit ɗaya bayan ɗaya kamar mai gadin ƙofa. Wanda yake da hujja ya kawo.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Malam ni ban yarda ba gaskiya. Passcode ɗin nan a cikin link ɗin yake tafiya, duk wanda aka tura wa link ya danna ya shiga kenan ba a tambayarsa komai, kuma kai ma ka san ɗalibanmu, kafin la'asar link ɗin ya zaga guruf biyar har da na 'yan unguwa. Ni ya faru da ni, ina tsaka da bayani wani da sunansa ya fito a matsayin sunan wayarsa kawai ya buɗe sifika ya saki kiɗa, ajin mata ne zalla, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, na rasa ma a ina zan nemo shi cikin jerin sunaye. Tun ranar ban ƙara buɗe aji ba soro ba, wato Waiting Room ɗin.

Nura: Ni ma Waiting Room ɗin nan yana ba ni haushi Malam, ka zo da wuri a bar ka kana kallon rubutu wai a jira mai aji ya fara, data tana ta tafiya

Injiniya Bashir: Nura wannan daban ne. Wancan yana fitowa ne in malami bai buɗe ajin ba sam. Wanda ake magana a kai shi ne malami yana ciki amma sai ya ba ka izini.

Malam Habu, da girmamawa, matsalarka ba soron ba ce, kai kaɗai ne kake gadi kake koyarwa. Minti 20 ɗin nan bai kamata a yi su ba. In ka buɗe Participants, a saman sunayen masu jira akwai Admit all, dannawa ɗaya kowa ya shigo. Amma abin da ya fi shi ne ka naɗa Co-host guda biyu cikin shugabannin aji, su ma suna iya shigar da mutane. Sai dai ka fara kunna Co-host a Settings na shafin Zoom ta birawuza tun kafin ranar, in ba ka kunna ba ba za ka ga Make co-host ba in ka danna sunan mutum. Tunda kana ɗaukar 180 na san akawun ɗin na kuɗi ne, don na kyauta 100 ne iyakarsa kuma minti 40 yake yankewa, to kana da wannan damar.

Malam Habu: To Injiniya in Admit all zan danna mene amfanin soron? Mai kiɗan Malama Rabi ma da shi zan shigo

Injiniya Bashir: Yauwa nan ne wurin. Soro ba shi da amfani in ba a san fuskar masu sallama ba. Abin da nake yi, tun daren Juma'a nake sanarwa a guruf: kowa ya shiga ta Join ya sa Meeting ID, a wurin suna ya rubuta lambobi huɗu na ƙarshen lambar rajistarsa sannan sunansa. Aji ƙarfe 10, muna buɗewa 9:45. Shugaban aji yana da takardar sunaye a gabansa. Ba wai yana bin kowa ɗaya ɗaya ba, ido kawai yake kaiwa, duk wanda ya fito da sunan waya ko "Maman wane" ko wani laƙabi a bar shi a wajen, a tura musu saƙo ta Chat zuwa masu jira cewa su fita su gyara suna su dawo. Sauran a shigo da su. Satin farko za a sha wahala, ban ɓoye maka ba, mutum 30 ko fi za su yi ta ƙorafi. Sati na uku sai ka ga bai fi biyar ba.

Malama Rabi: Kuma a kashe musu damar canza suna bayan sun shigo, in ba haka ba an yi ba a yi ba

Malam Habu: Na ji wannan. Amma ga abin da ya fi damuna kuma ba wanda ya taɓo shi. Sabis. Rabin ɗalibaina ta waya suke shiga, wani yana Kurna wani yana Rijiyar Zaki wani a cikin adaidaita ma yake, sabis ya ɗauke ya faɗo, ya sake dannawa sai ya tsinci kansa a soro. Lokacin ni kuma na raba su Breakout Rooms ina cikin ɗaki na 7 ina sauraron muhawararsu. Wata ɗaliba ta kira ni tana kuka wai minti 25 tana jira, har aka gama aikin rukuni ba ita, kuma akwai maki a kai. Wannan wane irin tsaro ne?

Sadiya: Malam gaskiya ne, ni ce ma shugabar rukuninsu ranar, mu tara muka ƙare maimakon sha biyu

Injiniya Bashir: Wannan hujja ce mai ƙarfi kuma ba zan musa ba. Amma ko ka kashe soron ba ta warke duka ba. Wanda ya shigo bayan an buɗe ɗakuna babban ɗaki yake faɗawa, sunansa ya zauna a ƙarƙashin Unassigned, sai wani ya danna Assign to ya kai shi. Wato ko ba soro gara wani ya zauna a babban ɗaki. Shi ya sa na ce Co-host biyu: ɗaya yana zagaye da kai, ɗaya ba ya motsawa daga babban ɗaki, aikinsa biyu kacal, shigar da wanda ya faɗo da maida shi ɗakinsa. Kuma wannan na zaunen ya zama mai laftof ne da caji, ba wanda shi ma zai faɗo ba.

Akwai hanya mafi sauƙi ma. Lokacin ƙirƙirar ɗakuna ka zaɓi Let participants choose room, ka yi 15, mutum 12 kowanne, ka sa musu suna Rukuni 1 zuwa Rukuni 15, ka riga ka tura jerin rukunai a guruf. Wanda ya faɗo ya dawo da kansa zai koma ɗakinsa ba sai ya jira kowa ba.

Malama Rabi: Hmm Injiniya na gwada wannan, ƙawaye duk suka tattare a ɗaki ɗaya mutum 26, wani ɗakin mutum uku. Ni Assign automatically nake yi kowa ya zauna inda ya faɗa

Injiniya Bashir: Haka ne Malama, in rukunin na ranar ne kawai naki ya fi. Na Malam Habu kuwa rukunai ne tsayayyu masu maki.

Nura: Ai akwai wanda ake loda sunaye tun kafin aji ko? Wani ya ce min da shi komai yake tafiya da kansa

Injiniya Bashir: Akwai, Breakout Room pre-assign, har fayil ɗin CSV yana karɓa. Amma da imel yake gane mutum, sai ɗalibi ya yi Sign in da ainihin imel ɗin da ka loda. Cikin 180 ɗin nan nawa ne suke da akawun? Yawanci link kawai suke dannawa. Duk wanda bai yi ba a Unassigned zai ƙare, ka dawo gidan jiya.

Malam Habu: To ita ɗalibar da ta rasa aikin na ce mata ta kalli rikodin, tunda Record to the cloud na kunna kuma na zaga ɗakunan duka, ai ya ɗauka

Injiniya Bashir: Malam ka buɗe shi ka gani kuwa? Don Allah ka duba kafin ka tura mata. Na cloud babban ɗaki kaɗai yake ɗauka ko ina kai kake. Abin da za ka tarar na wannan lokacin shi ne babban ɗakin da kowa ya watse.

Malam Habu: Innalillahi. Yanzu na ja shi zuwa minti na 50, ba komai wallahi, shiru kawai har kusan rabin awa. Ban taɓa dubawa ba

Injiniya Bashir: Mutane da yawa haka suke zato. Wanda yake bin mutum ɗaki ɗaki shi ne Record on this computer, yana ɗaukar ɗakin da mai ɗaukar yake ciki a lokacin. In kana son na kowane rukuni, sai ka ba mutum ɗaya a kowane ɗaki izinin ɗauka, kuma ya fi sauƙi ka ba su tun ana babban ɗaki kafin a watse. Ga ƙarfen ƙafar: wannan ba ya aiki a waya, sai kwamfuta. Ke nan rukuni 15 laftof 15. Kuma fayil ɗin ba ya zama bidiyo sai an tashi daga aji ya gama juyawa, in ɗalibi ya rufe laftof da gaggawa zai ga wani abu mai suna double_click_to_convert, kar ya goge, ya danna shi sau biyu ya bari ya gama.

Sadiya: Malam a rukuninmu ba mai laftof ko ɗaya. Kuma gaskiya wasu 'yan matan in sun ga alamar ana ɗauka ba sa magana sam, kyamara ma kashewa suke

Malama Rabi: Shi ya sa ni ba na ɗaukar ƙananan ɗakuna kwata kwata. Ina Pause in za a watse, in ci gaba in an dawo, kowane rukuni wakilinsu ya faɗi abin da suka cimma a minti biyu a babban ɗaki, wannan shi nake ɗauka. Bidiyon ma ya fi ƙanƙanta ga masu saukewa da datar ɗari biyar. Abin lura kawai kar ka manta Resume, na taɓa yin rabin darasi ban danna ba.

Malam Habu: Wannan na karɓa, minti biyu sau 15 rabin awa kenan, zan rage bayanina. Amma maganar soro har yanzu ban sauka ba. Abin da zan yi, in bar shi a kunne zuwa 10:15, daga nan in cire alamar Enable waiting room kowa ya faɗo ya dawo kai tsaye.

Malama Rabi: Mai kiɗan nan fa ƙarfe goma da rabi ya shigo min Malam, ba da farko ba

Injiniya Bashir: Kuma kar wani ya ce a yi Lock meeting, wannan ɗalibanka da suka faɗo ma ba za su iya dawowa ba. Ni dai ina nan kan a bar shi a kunne da mai zama a babban ɗaki.

Malam Habu: Mai zaman shi ma ɗalibi ne fa Injiniya, shi wa zai yi masa aikin rukuninsa? Sadiya ki tambayi shugaban aji ko yana da laftof, ki faɗa min kafin Juma'a.

Sadiya: To Malam, na yayansa yake ara, zan tambaye shi ko zai samu ranar Asabar