Takardar Study 329: ta ina zan fara tsefe ta?

Hauwa'u: Assalamu alaikum. An ba ni takardar gwajin paroksetin ga matasa masu ciwon damuwa, wadda ta fito a 2001, Study 329, in yi sharhi a kanta ranar taron nazarin takardu. An raba marasa lafiyar da ƙuri'a, an ɓoye wa kowa abin da yake sha, marubutan kuma sun ce maganin yana aiki kuma jiki na ɗaukarsa. Ni dai ban ga aibunta ba, amma malaminmu ya ce in kula da waɗanda suka fice, da ɓoyewar, da sakamakon da aka zaɓa aka buga. Don Allah ta ina zan fara?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ki ƙirga waɗanda suka fice kawai. Mutum 275 aka fara da su, 190 suka kai ƙarshen mako takwas. Kusan kashi 31 cikin ɗari ke nan suka tafi, mu kuwa an koya mana cewa in aka haura kashi 20, gwaji ya raunana. Sai dai in sun lissafa kowa a rukunin da ƙuri'a ta jefa shi, to wannan ya toshe ɓarakar.

Dakta Binta: Malam Sani, ƙirgenka daidai ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. In da kashi 20 ne ma'auni, da gwaje-gwajen magungunan damuwa da yawa sun tafi kwandon shara, don ficewa a cikinsu ruwan dare ce. Abin tambaya shi ne wa ya fice, daga wane rukuni, yaushe, don me, kuma wace lamba aka rubuta masa bayan tafiyarsa.

Hauwa'u, raba su rukuni-rukuni. Paroksetin mutum 93, 26 suka fice. Imipiramin, tsohon maganin damuwa da aka kwatanta da shi, 95, 38 suka fice. Ƙwayar bogi, wadda babu magani a cikinta, 87, 21 suka fice. Wato kashi 28, 40 da 24. Yanzu dubi dalili. A rukunin imipiramin kusan mutum ɗaya cikin uku illar magani ce ta kore shi, a paroksetin kusan ɗaya cikin goma, a ƙwayar bogi ƙasa da haka. Wanda bugun zuciya ya kora da wanda ya gaji don bai ga sauƙi ba, ba labari ɗaya suke ba ki game da maganin ba.

Lissafa kowa a rukuninsa abu ne mai kyau, amma ba ya dawo da makin da ba a taɓa aunawa ba. Dole a cike gurbin da wani abu, kuma abin da aka cike da shi a babban lissafin nan shi ne LOCF: makin da mutum ya samu a zuwansa na ƙarshe, shi ake ɗauka a matsayin makinsa na mako na takwas. A ce yarinya ta shiga da maki 20 a HAM-D, ma'aunin tsananin damuwa wanda saukar makinsa ke nufin sauƙi, a mako na biyu tana da 18, jiri ya sa ta daina. An daskarar da ita a 18, alhali sauran da suka tsaya, har masu shan ƙwayar bogi, makinsu sauka yake yi mako bayan mako. Wannan zai sa rukuninta ya fito da muni. Juya shi kuma: yaro ya sauko zuwa 7 a mako na huɗu, a na biyar ya cutar da kansa aka cire shi kafin a sake auna shi. A tebur yana cikin waɗanda suka samu sauƙi. Shi ya sa ba za ki iya cewa LOCF kullum magani yake taimaka wa ko kullum ƙwayar bogi ba, sai kin ga lokacin ficewa da dalilinta.

Malam Sani: Na karɓa, Dakta. To amma ai sun samu bambanci, kashi 63 a paroksetin da kashi 46 a ƙwayar bogi makinsu ya sauko zuwa 8 ko ƙasa. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Dakta Binta: Mayar da kason nan zuwa mutane. 57 cikin 90 ne, da 40 cikin 87. Lura ma 90 ne, ba 93 ba. Ɗauki mutum uku kacal daga 57 ɗin ka ce ba su samu sauƙi ba, ya koma 54 cikin 90, kashi 60. A lissafi mai sauƙi na kwatanta kaso biyu, p ta tashi daga wajen 0.02 ta haura 0.05, iyakar da sai an yi ƙasa da ita ake cewa bambanci ya kai. Mutum uku sun isa su sauya hukunci, a rukunin da mutum 26 ba su kai ƙarshe ba.

Amma babbar matsalar lambar nan ba wannan ba ce. Ba ita aka ce za a auna ba tun farko. Hauwa'u, kafin ki sake karanta takardar, nemo furotokol ɗin gwajin, wato tsarin da aka rubuta kafin a fara shi, an fitar da shi fili. Manyan ma'aunai biyu ya sa. Na ɗaya, yawan saukar jimillar makin HAM-D daga farko zuwa ƙarshe. Na biyu, kason waɗanda makinsu ya kai 8 ko ƙasa, ko kuma ya ragu da rabi. A na ɗaya paroksetin ya sauke kusan maki 10.7, ƙwayar bogi kusan 9.1, a ma'aunin da ke kaiwa 52, bambancin bai kai ba. A na biyu kashi 67 ne da 55, p wajen 0.11, shi ma bai kai ba. Akwai ƙananan ma'aunai shida a furotokol ɗin, babu ko ɗaya da ya kai.

To ina 63 da 46 suka fito? An yanke ma'auni na biyu gida biyu, aka ɗauki "8 ko ƙasa" shi kaɗai, aka ajiye "ya ragu da rabi". Sauran ukun da suka yi kyau a takardar su ma ba sa cikin takwas ɗin farko: tambaya guda ta yanayin baƙin ciki da aka zare daga cikin 17 na HAM-D, irinta guda daga wani ma'aunin, da kason waɗanda likita ya ce sun samu sauƙi sosai. Kamar ɗalibi ne ya ga sakamakonsa tukuna, sannan ya zaɓi darussan da za a rubuta a katin. Kuma lissafin bai da wuya. In kika gwada ma'aunai 20 masu zaman kansu a kan maganin da ba ya komai, yiwuwar aƙalla ɗaya ya ba da p ƙasa da 0.05 shi ne `1 - 0.95^20`, kusan kashi 64.

Ki zana tebur mai layi biyu a tsaye, abin da furotokol ya ce da abin da takarda ta buga, ki sa shi a allon farko. A ganina shi ne rabin sharhinki.

Maman Yusra: Ni wallahi kun tayar min da hankali. Ƙanena yana shan irin maganin nan kusan shekara, kuma ya samu sauƙi. Kuna nufin duk ƙarya ce, ya daina?

Usman mai harhaɗa magani: A'a Hajiya, kar ya daina da kansa. Gwaji guda ake tattaunawa, na 'yan shekara 12 zuwa 18. A manya, nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 522 a 2018 ya samu duk magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar bogi, ko da yake tazarar matsakaiciya ce. Paroksetin kuma yana cikin waɗanda tsayar da su farat ɗaya ke kawo jiri, tashin zuciya da rashin barci. In akwai shakka ya koma wurin likitansa, in ma ragewa za a yi, a hankali ake yi.

Kan ɓoyewa kuma, Hauwa'u, kar rubutun "an ɓoye wa likita da mara lafiya" ya ishe ki. Buɗe teburin illoli. Kusan rabin masu shan imipiramin bakinsu ya bushe, ga jiri, ga bugun zuciya. Mai auna makin na iya jin waɗannan koke-koken duk mako, kuma HAM-D ba gwajin jini ba ne, hukuncin mutum ne bayan hira. Da zarar ya zargi cewa wannan maganin gaske take sha, alƙalaminsa na iya sassautawa ba tare da ya yi niyya ba. An taɓa gwada tsofaffin magungunan damuwa da ƙwayar bogi mai atirofin, wadda ita ma ke busar da baki, nazarin Cochrane na 2004 ya haɗa irin waɗannan gwaje-gwajen guda tara, tazarar kuma ta fito ƙarama.

Dakta Binta: Gaskiya ne, Malam Usman, amma a wannan gwajin hujjar tana da ɗan cikas. In gane magani ta hanyar illa ne ke kumbura sakamako, imipiramin ya kamata ya fi kowa haskawa, don shi ya fi tona kansa. Bai fi ƙwayar bogi da komai ba.

Usman mai harhaɗa magani: Ko kuma abu biyu ne suka ci karo, Dakta. Ganewar ta ɗaga shi, mutum 38 da aka daskarar da makinsu tun da wuri suka danne shi. Daga takardar ba za ki iya raba su ba.

Dakta Binta: Ba zan iya ba, kai ma haka. Hauwa'u ta rubuta cewa akwai haɗari a nan, girmansa ba a sani ba. Ko da an tambayi mutane a ƙarshe su canki abin da suka sha, amsar ba ta yanke hukunci, don wanda ya warke zai ce magani ne ko da babu illar da ta tona masa. Saboda haka ne ma CONSORT ta 2010, wato ƙa'idar rubuta rahoton gwaji, ta cire buƙatar a ba da rahoton wannan cankar.

Abu ɗaya da ba a taɓo ba: zaɓen sakamako bai tsaya kan amfani ba, ya shafi illa. Munanan abubuwa sun samu mutum 11 a rukunin paroksetin, 2 a na ƙwayar bogi, kuma tunanin kashe kai da cutar da kai an shigar da su ƙarƙashin lakabin `emotional lability`, wanda mai karatu zai ɗauka sauyin yanayi ne kawai. Da wasu masu bincike suka koma kan ainihin bayanan suka sake lissafi, aka buga a mujallar BMJ a 2015, sun samu ba paroksetin ba imipiramin da ya fi ƙwayar bogi, adadin masu irin wannan halin a rukunin paroksetin kuma ya fi wanda aka buga a 2001.

Hauwa'u: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. To in sabon gwaji ne da ba a fitar da furotokol ɗinsa ba fa?

Dakta Binta: Nemi lambar rajistarsa, ki buɗe ta a ClinicalTrials.gov, ki shiga tarihin sauye-sauyen shafin, kar ki tsaya a na yau. Kwatanta ranar da aka rubuta babban ma'auni da ranar da aka ɗauki mara lafiya na farko da ranar da aka gama. Tun 2005 manyan mujallu ke sharɗanta rajista kafin a fara ɗaukar mutane, Study 329 kuwa an yi shi tsakanin 1994 da 1998, don haka ba za ki same shi ta wannan hanyar ba. In an sauya ma'auni bayan an gama tattara bayanai kuma takardar ba ta faɗi dalili ba, ki nuna ranakun biyu a allo.

Malam Sani: Ni har yanzu ina ganin ficewar kashi 31 ya kamata ta sa a gaba, kafin teburin.

Dakta Binta: Ta sa shi na biyu. Ko da mutum 275 ɗin duk sun tsaya har ƙarshe, ma'aunan da aka yi tutiya da su a takardar ba su ne na furotokol ba.