BMS yana yanke wuta da zarar mutum-mutumi ya tashi: me kuka gani?

Sadiya: Salam. Mutum-mutumi ne mai taya biyu, kowace taya da motarta ta 12V. Batir 18650 guda uku na tsohuwar laftof na jera, na sa musu BMS, wato allon da ke kare batir, na 3S mai 10A. Idan na ɗaga shi sama tayoyin suna juyawa lafiya, amma ina ajiye shi a ƙasa na ba shi wuta sai komai ya mutu, har sai na cire waya na mayar. Waɗanda suka taɓa haɗuwa da wannan, me kuka samu?

Bala: BMS ɗinki ne ya yi ƙarami. Ki sa mai 40A, magana ta ƙare. Haka na yi wa nawa.

Malam Idi: Bala, wataƙila ka yi daidai, amma abu biyu ne ke sa BMS ya yanke, kuma ɗaya daga cikinsu kawai canjin allo yake warkarwa. Malama Sadiya, ki fara da motar. Ki cire wayoyinta ki auna da mita a wajen ohm, ki ɗan juya sandar ki sake aunawa. A ce kin samu 2 ohm. To 12 a raba da 2, wato 6A take ja lokacin da take tsaye ba ta fara juyawa ba, ko da a tafiya ba ta kai 1A. Biyu tare 12A ke nan, sun haura abin da aka rubuta a allon.

Na biyun shi na fi zargi. Batirin laftof an yi shi ne don ya ba da wuta kaɗan na tsawon lokaci, kusan 5A ne iyakarsa, kuma idan ya tsufa turjiyar cikinsa tana kaiwa 0.1 ohm. Idan aka ja 12A a haka, 1.2V ya tafi. Batirin da ke zaune a 3.7V sai ya faɗo 2.5V nan take, a wajen nan kuwa yawancin allunan suke yankewa, a ganinsu batir ya ƙare. Ko kin sa allon 40A zai yanke, don ba yawan wuta ya gani ba.

Ga yadda za ki bambance. Ki ɗora mita a kan batir ɗaya, ki tayar da motocin, ki yi wa ukun bi da bi. Idan ɗaya ya fi sauran faɗuwa sosai, shi ne mai laifin. Alama ta biyu ma ta fi sauƙi: idan da cikakken caji yana tashi, sai ya kai rabi ya fara yankewa, batir ne. Idan ko a 12.6V, wato da cikakken caji, yana yankewa, ki fi zargin allon.

Sadiya: Da cikakken caji yakan yi kamar minti goma kafin ya fara.

Malam Idi: To batir ne. Ki nemi masu ba da wuta da yawa, kamar Samsung 25R mai 2500mAh da 20A, ko 30Q mai 3000mAh da 15A, duka iri ɗaya. Allon 20A ya ishe ki, da fiyus 15A dab da bakin batirin. Kada ki sayi wanda aka rubuta wa 9900mAh, 18650 na gaske bai cika wuce 3500mAh ba, nauyinsa kuma kusan giram 45 ne.

Zainab: Wajen haɗa sabon allon, B- ake fara liƙawa, sai B1, sai B2, B+ a ƙarshe. Kafin nan ki auna kowace waya daga B-, ki ga kusan 3.7, 7.4, 11.1. Musanya B1 da B2 yana ƙona allon. Kuma ki caja ukun su zo daidai tun kafin ki jera su, don daidaitawar da ƙananan allunan nan suke yi ba ta da ƙarfi, wasu ma ba su da ita sam.

Kabiru: Ni da adaftar 12V nake cajin nawa, BMS yana yankewa idan ya cika.

Zainab: A'a Kabiru, BMS ba caja ba ne. Adaftar 12V ba ta taƙaita wutar da ke shiga, kuma ba za ta kai shi 12.6V ba, don haka bai taɓa cika ba ma. Caja mai 12.6V ta lithiyom ake so. A zafin Afrilu kuma a bar batirin ya huce a inuwa tukuna, ba a cajinsa sama da digiri 45.

Bala: Amma idan ta ninka batiran da take da su, biyu-biyu a jere uku, kowanne 6A zai ɗauka. Sai ta riƙa ƙara PWM, wato ƙarfin wutar da take tura wa motocin, a hankali cikin rabin sakan maimakon ta ba shi 255, wato ƙarshen ƙarfin, kai tsaye. Ba sai ta kashe kuɗi ba.

Malam Idi: Tashin a hankali na yarda da shi. Amma ranar da taya ta maƙale a bango, 12A ɗin zai dawo, 6A kuma har yanzu ya yi wa tsohon batir yawa. Ni ba zan haɗa tsofaffin da ban auna ƙarfinsu ba.

Sadiya: Zan auna ukun tukuna. Malam, idan ɗaya ne kawai ya faɗi, in canza shi kaɗai ko duka?