Forfe biyu sun rikita ni, wanne ya fi sauƙi a wata?

Mai Shagon Atamfa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da shago a babbar kasuwar Maraɗi. Layi na farko: jika biyar, jiga 6, minti 60 zuwa kowane layi. Na biyu na ƴan kasuwa ne, ana biya ƙarshen wata: 4,500 HT, jiga 3, minti 200 amma cikin layinsu kaɗai. Duka biyun, kira bayan forfe sefa 1 ne a sakan, ƙarin jiga kuma jika guda. Ina cin jiga 5 da minti kamar 150.

Baban Hadiza: Alhaji, wannan ai ba ya son lissafi. Na biyun ya fi araha da sefa 500, ga minti birjik.

Malama Akanta: Baban Hadiza, ka tsallake haruffa biyu. HT na nufin ba a sa haraji ba tukuna, kuma TVA a Nijar kashi 19 ne cikin ɗari. Sefa 855 za su hau kan 4,500 ɗin, takarda ta zo da 5,355. Tun nan ya wuce jika biyar.

Amma Alhaji, inda kuɗinka ke zurarewa shi ne kira. A layin farko minti 90 za ka yi bayan forfe ya ƙare, kowane minti sefa 60, wato 5,400. Watanka ya tashi 10,400. A na biyu kana bukatar ƙarin jiga biyu, jika biyu ke nan, sai kiran waɗanda ba layinku ɗaya ba. In minti 50 ne, jika uku. Idan su ma waɗannan HT ne, jika biyar ɗin ta koma 5,950, jimla 11,305. To minti nawa ne naka ke fita waje? Duba jerin kiranka na sati ɗaya ka ninka huɗu.

Mai Shagon Atamfa: Malama, na duba. Masu saro mini kaya na Tibiri da Madarunfa kusan duk layi na biyun gare su. Bai fi minti 20 ke fita a wata ba.

Malama Akanta: To ka ga magana ta sauya. Minti 20 sefa 1,200 ne, da jiga biyu 3,200, da haraji 3,808. Watanka 9,163, na biyun ya ci. Sai dai in za ka iya mayar da minti 90 ɗin nan WhatsApp a layin farko, inda jiga guda ke rage maka a banza. Kiran murya na awa ɗaya da rabi ba ya cin ko mega 200.

Mai Shagon Atamfa: Yawancinsu ƙaramar waya gare su, Malama.

Direban Katsina: Ni dai nawa ciwon daban ne. Da na kira Jibiya sai kiredi ya ƙone, alhali mintina na nan ba a taɓa ba. Kiran Najeriya ba ya cikin forfena, Alhaji ka tambaya kafin ka sa hannu, tunda kana saro kaya Kano.

Baban Hadiza: Kuma rezon na biyun yana kamawa cikin rumfarka kuwa? A tawa sai na fito bakin hanya.